Kaka tana Fillanci, jika yana amsawa da Hausa: yadda harshe ke fita daga gida

A gidanmu na Sabon Garin Gusau akwai wata hira da na taso ina ji kusan kullum, amma sai da na girma na gane abin da ke cikinta. Kakarmu, wadda muke kira Inna, an haife ta ne a wata ruga da ke yankin Bungudu. Idan za ta kira mahaifinmu sai ta yi masa magana da Fillanci, shi kuma ya amsa mata da Hausa. Ta ƙara wata maganar da Fillanci, ya sake mayar mata da Hausa. Babu wanda ya taɓa ganin abin a matsayin matsala, tunda suna fahimtar juna sarai. Mu jikoki kuwa abin da ya iso gare mu bai wuce gaisuwa ba, da kosam, wato nono, da nagge, wato saniya, sai 'yan kalmomin faɗa da ba zan rubuta su a nan ba.

Abin da ya faru a gidan nan shi ne hanyar da mafi yawan harsuna ke bi su ɓace. Mutane sukan ɗauka harshe yana mutuwa ne ranar da aka binne tsohon ƙarshe da ya iya shi, alhali an yanke hukuncin tun shekara sittin ko saba'in kafin nan, ranar da aka daina yi wa jarirai magana da shi. Inna ta iya Fillanci ciki da bai. Baba yana ji amma bakinsa ya yi nauyi. Ni ba na ji. Hawa uku ke nan, kuma babu wanda ya zauna ya ce daga yau mun bar harshenmu.

Sai dai a yi hattara, Fillanci a matsayinsa na harshe bai kama hanyar mutuwa ba. Miliyoyin mutane suna yin sa daga Senegal har Sudan, kuma yara suna tasowa da shi a Adamawa da rugagen da ke kewaye da mu. Abin da ya mutu shi ne Fillancin gidanmu, da na dubban gidaje irin namu a birane. Wannan ma ba sabon abu ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi waƙoƙi da yawa da Fillanci, amma tun a ƙarni na 19 'ya'yansa, Nana Asma'u da Isa, suka riƙa mayar da wasu zuwa Hausa domin su isa ga jama'ar da ake son su ji. Yau a gidajen sarautar Sakkwato da Kano da Katsina Hausa ake yi. Wato ko riƙe mulki bai hana harshe barin gida ba.

Bambancin yana fitowa ne idan harshen ba shi da wani wurin da zai fake. A kudu maso yamma da mu, a ƙasar Zuru ta jihar Kebbi da arewacin jihar Neja, akwai tarin ƙananan harsuna da masana ke sanyawa cikin dangin da suka raɗa wa suna Kainji: C'Lela na Dakarkari, da ut-Ma'in na Fakkawa, da Cicipu na Acipawa, da harsunan Kambari da na Kamuku. Cikinsu akwai wani da ake kira Damakawa, a wasu 'yan ƙauyuka kusa da Maganda a ƙaramar hukumar Sakaba. Lokacin da wani mai bincike, Stuart McGill, ya je wurinsu a 2008, bai samu ko mutum ɗaya da zai iya hira da harshen ba. Da ƙyar tsofaffi suka tuno kalmomi da 'yan jimloli kusan 80. Mutanen suna nan da ransu, suna noma, suna aure, suna haihuwa, amma sun koma yin C'Lela, suna kuma jin Hausa. A lura da wannan: ba Turanci ne ya cinye Damakawa ba, maƙwabcinsa ne da ya ɗan fi shi girma. A arewacin Najeriya kuwa babban kifin da ke haɗiye ƙanana, a faɗi gaskiya, harshen da nake rubutu da shi ne. Harshen Ajawa na Bauchi ya ɓace tsakanin 1920 da 1940 saboda masu shi sun koma Hausa. Haka na Auyokawa a Jigawa da na Shirawa. Mu Hausawa mun saba kukan cewa Turanci yana ɓata mana harshe, ba mu cika tsayawa mu ga yadda namu yake a idon Bafakke ko Ba'acipe ba.

To me ya sa iyaye ke sakin harshensu? Ba wauta ba ce, kuma ba lalaci ba ne. Ku ɗauki unguwa irin Sabon Gari. Irin waɗannan unguwanni sun samo asali ne a zamanin Turawa, don baƙin da aikin gwamnati da ciniki da jirgin ƙasa suka kawo, kuma layin dogo ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920. A gida ɗaya na haya za ka samu Bayarabe da Ibo da mutumin Zuru da Bahaushe, ɗaki yana kallon ɗaki, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. Yaran gidan za su yi wasa tare, kuma dole su yi shi da harshe ɗaya. Hausa za su yi, a wasu gidajen a haɗa da Turancin buroka. Yaro kuwa daga shekara huɗu zuwa biyar ya fi kwaikwayon sa'o'insa a kan iyayensa. Uwa za ta yi masa magana da harshenta, ya amsa da na tsakar gida, wata rana ta gaji ta bi shi. Ƙari a kan haka, ciniki a kasuwa da Hausa ake yi, wa'azi da Hausa, rediyo da Hausa, fim da Hausa, takardar neman aiki da Turanci. Harshen gida ya rage ba shi da wani aiki sai gaishe da tsofaffi da yin gulmar baƙo a gabansa.

Akwai kuma kunya, wadda ita ce ta fi saurin kisa. Duk wanda ya taso a nan ya san yadda ake yi wa mai karyayyar Hausa dariya, ya san nauyin kalmar "yare" idan aka ce wane ɗan yare ne, kamar Hausa ita ba yare ba ce. A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya ƙara wani nauyin. Iyalai da dama sun baro ƙauyuka da rugage sun shigo Gusau da Tsafe, inda babu jama'ar da za su yi harshen da ita, kuma na san gidajen da ake kwaɓar yaro kada ya yi Fillanci a waje don gudun irin kallon da za a yi masa. Yaron da aka kwaɓa sau uku ba sai an yi na huɗu ba.

Yanzu bari mu ɗan yi lissafi, domin akwai abin da ido ba ya gani sai an sa lamba. Wannan misali ne na ƙirƙira don a ga yadda abin ke tafiya, ba ƙidayar wani gari ba ce. A ce a wani gari mutum 80 cikin 100 sun iya harshen gargajiya, kuma kowa ya iya Hausa. A ce ana aure ba tare da duba wanda ya iya harshen ba, sannan yaro ba ya tasowa da harshen sai idan uwa da uba duk sun iya. Yiwuwar a samu miji da mata duk masu harshen ita ce 0.8 sau 0.8, wato gida 64 cikin 100. To a hawa na gaba mutum 64 ne suka iya. A sake lissafin da 64, a samu 41. A sake, a samu 17. A sake, a samu 3. Idan kowane hawa shekara 25 ne, cikin shekara 100 an sauko daga 80 zuwa 3, ba yaƙi, ba annoba, ba wanda ya hana kowa magana.

Abin lura shi ne yadda faɗuwar ke ƙara gudu. Daga 80 zuwa 64 ba wanda zai damu, ko'ina ka juya kana jin harshen a kasuwa da wurin biki. Sai an kai 41 mutane ke fara cewa yaran yanzu ba sa jin yare, alhali a lokacin an riga an gangara. Shi ya sa yawan masu magana kaɗai ba ya gaya maka lafiyar harshe. Cicipu, wanda aka ƙiyasta masu yin sa da kusan 20,000, yana iya fin wani harshe mai mutum 200,000 lafiya, matuƙar yaran Acipawa suna faɗa da wasa da shi, na wancan kuwa ba sa yi.

A canza abu ɗaya a lissafin. Gidajen da mutum ɗaya ne kawai ya iya harshen, ko uwa ko uba, su 32 ne cikin 100 a hawan farko. Idan rabinsu suka dage har yaransu suka iya, an samu ƙarin 16. A haɗa da 64, an koma 80 cif. Harshen ya tsaya inda yake. Gaskiya ne rayuwa ba ta da tsabta kamar wannan lissafi, domin a Sabon Gari akwai gidajen da iyaye biyun duk sun iya amma yaran ba su iya ba, kuma a ƙauye mutane sun fi auren nasu. Amma ya nuna inda ake yin kokawar: a ɗakin uwa, da gidajen auren gauraye.

Ta yaya za ka gane harshe ya fara ciwo? Kada ka tambayi mutane ko suna jin harshensu, kowa zai ce yana ji, don ba mai son a ce ya yar da asalinsa. Zauna ka saurara. Da wane harshe yara ke yi wa junansu magana idan babu babba a kusa? Da wane harshe ake amsa wa kaka? Shekarar mafi ƙanƙantar wanda zai iya ba da labari daga farko har ƙarshe ba tare da ya tsallaka Hausa ba nawa ce? Ma'aunin da UNESCO ta fitar a 2003 a kan wannan ya ginu: idan yara ba sa koyon harshe a gida ya shiga haɗari tabbas, idan sai kakanni ke yin sa haɗarin ya tsananta, idan kakannin ma tsinci-tsinci suke yi to ya kai gargara.

A cikin harshen kansa ma ana ganin alamu, kuma a nan ne bakin Baba ya zama mini darasi. Fillanci yana raba sunaye zuwa aji fiye da 20, kowane aji da ƙarshen kalmarsa, kuma sau da yawa harafin farko yana sauyawa idan aka koma jam'i. Pullo ɗaya, Fulɓe da yawa. Gorko namiji, worɓe maza. Debbo mace, rewɓe mata. Inna ba ta taɓa kuskuren waɗannan, ba ta ma san tana yin wani abu mai wuya ba. Baba kuwa idan ya matsa wa kansa zai yi, kalmomin yau da kullum suna fita daidai, amma da ya shiga waɗanda bai saba ji ba sai ya rikice, ya ƙirga da Hausa, ya haɗa jimlar a kan tsarin Hausa. Masana sun ga irin wannan a wurare da yawa. Nancy Dorian ta bayyana shi dalla-dalla a binciken da ta yi kan harshen Gaelic a wasu ƙauyukan masunta na Scotland. Wannan daban yake da aron kalma. Hausa ta ari ashirin da talatin daga Larabci, ta ari mota da tebur daga Turanci, ba abin da ya same ta, domin ta sa su cikin tsarinta har muna cewa motoci da tebura. Aro alamar rai ce. Ciwon shi ne tsarin kansa ya fara zubewa a bakin matasa.

To, ana iya dawo da harshe? Misalin da kowa ke kawowa shi ne Ibrananci, wanda ya koma harshen gida bayan ƙarnoni yana harshen littafi da ibada. Amma yanayinsa ba irin namu ba ne. Ba a taɓa daina karanta shi da rubuta shi ba, kuma mutanen da suka taru daga ƙasashe daban-daban ba su da harshe ɗaya da ya haɗa su, don haka akwai gurbin da zai cike. A Gusau babu wannan gurbin, Hausa ta riga ta cike shi.

Ireland ta fi koya mana darasi. Tun kafuwar ƙasar a 1922 gwamnati ta ɗauki harshen Irish ta sa a makarantu, kusan kowane yaro yana karanta shi shekara da shekaru. A ƙidayar 2016 mutum kusan miliyan 1.76 suka ce sun iya, amma waɗanda ke yin sa kullum a wajen makaranta ba su kai 74,000 ba. Kusan shekara ɗari na aji da jarrabawa sun samar da mutanen da suka san harshen, ba su samar da gidajen da ake renon yara da shi ba. Wannan shi ne abin da Joshua Fishman ya nanata a littafinsa na 1991: makaranta da jarida da rediyo duk suna taimakawa, amma idan ba a gyara miƙa harshe daga iyaye zuwa yara a gida da unguwa ba, sauran aikin kamar zuba ruwa ne a kwando.

Mutanen Maori na New Zealand ta nan suka ɓullo wa abin. A 1982 suka fara buɗe wuraren renon yara da suke kira kohanga reo, ma'ana sheƙar harshe. Dabarar mai sauƙi ce: iyaye ba su iya ba, kakanni sun iya, to a tsallake iyayen, a kawo jarirai wurin kakanni su wuni ba a yi musu magana da komai sai Maori. Cikin shekara goma sha ɗaya ko sha biyu wuraren sun haura 800. Hawaii ta kwaikwayi tsarin a 1984, lokacin da yaran da ke jin harshen, in ban da na wani ƙaramin tsibiri, ba su kai 50 ba, kuma yau dubbai ne ke yin sa. Nasara ce ta gaske. Duk da haka, a ƙidayar 2013 kusan kashi 21 cikin 100 ne kawai na Maori suka ce za su iya hirar yau da kullum da harshensu, ƙasa da kusan kashi 25 na 1996. Wato da kuɗin gwamnati, da dokar 1987 da ta mai da shi harshen hukuma, da makarantu, da gidan talabijin, abin da aka samu shi ne an tare faɗuwar, an samar da sabbin masu magana. Ba a koma yadda ake da ba.

A Najeriya, mai harsuna fiye da 500, manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi. Wannan "ko" ɗin ita ce ƙofar. A Zamfara da Kebbi harshen jama'ar wuri Hausa ce, don haka ko da an aiwatar da manufar yadda aka tsara ta a lokacin, da Hausa ta ƙarfafa, ba ut-Ma'in ba. Kuma koyarwa da harshe tana buƙatar tsayayyen rubutu, da littattafai, da malaman da suka iya, abubuwan da yawancin ƙananan harsunan ba su da su.

Saboda haka abin da za a iya cimmawa ya danganta da hawan da harshen yake. Inda yara ke yin sa har yanzu, kamar Cicipu ko Fillancin ruga, aikin riƙewa ne, kuma shi ne mafi arha: a daidaita rubutu, a samu shiri a rediyo, a yi wa'azi da waƙa da saƙon murya na waya da shi, a cire wa yara kunyarsa. Inda kakanni da wasu iyaye ne kawai suka iya, dabarar sheƙa tana iya aiki, kuma mu muna da abin da New Zealand sai da ta gina: kaka tana cikin gida. Matsalar ita ce kakannin namu suna juyawa su yi wa jikoki Hausa, don tausayi ko don a saurin fahimta. Inda 'yan tsofaffi ƙalilan suka rage, akwai tsarin da aka fara a California a 1992, inda ake haɗa tsoho ɗaya da matashi ɗaya su riƙa wuni tare, awa goma zuwa ashirin a mako, suna girki da aikin gida ba tare da wani harshe ba, har shekara uku. Yana samar da mutum ɗaya ko biyu da suka iya, ba gari guda ba.

Inda aka kai matsayin Damakawa kuwa, adanawa ce kawai ta rage, kuma kalma 80 ba ta isa a gina komai a kanta. Adanawa ta gaske tana nufin a ɗauki sauti da hoton hira da tatsuniya da bayanin sana'a na awoyi masu yawa, a rubuta, a fassara, a fitar da ƙamus da nahawu, a ajiye inda ba zai ɓata ba. Aiki ne mai cin rai, domin rubuta minti ɗaya na magana da fassara shi yakan ci awa guda ko fiye. Amma yana da amfani ko bayan an rasa masu magana. Mutanen Wampanoag na Amurka sun yi fiye da shekara ɗari babu mai yin harshensu, sai a 1993 Jessie Little Doe Baird ta fara farfaɗo da shi daga tsofaffin takardu, ciki har da fassarar Baibul ta 1663, har ta reni 'yarta da shi. Sun iya yin haka ne don an bar musu rubutu mai yawa.

Ni dai na auna gidanmu da wannan ma'auni, kuma ban yaudari kaina ba. Ba zan zama mai Fillanci irin na Inna ba, 'ya'yana ma da wuya. Abin da na fara tun bara shi ne duk ranar Juma'a bayan la'asar in ajiye waya a gabanta in ce, "Inna, a ba ni labarin tashinku daga ruga, amma da Fillanci." Takan yi dariya ta ce, "Kai da ba ka ji, wa zan ba?" Sai ta fara, in ta kai tsakiya ta zame ta koma Hausa don ta ga idona ya nuna ban gane ba, in roƙe ta ta koma. Goggonmu, wadda ta fi Baba ji, ita ke zama da ni muna rubutawa. Yanzu muna da awa tara na sauti, mun rubuta minti arba'in. A cikin minti arba'in ɗin nan na ƙirga kalmomi goma sha huɗu na launi da zanen jikin saniya, kuma biyar daga ciki Goggo ma sai da ta koma ta tambayi Inna ma'anarsu.